Me Ya Sa Jiki Ke Ƙin Ƙodar da Aka Dasa Masa, Ko da ta Ɗan'uwa Ce?

Mun saba ganin wannan a Birnin Kebbi, da Jega, da Argungu. Mutum ya kamu da ciwon ƙoda, ana ta wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako har aljihu ya ƙare, sai dangi su haɗu, a sayar da gona ko shanu, a nemi taimako a masallatai da ta waya, a kai shi Kano ko Abuja ko Indiya a yi masa dashe. Ya dawo fes, fuska ta washe, kumburin ƙafa ya saɓe, ana ta zuwa barka. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ji an ce ya koma kan injin wanki. Daga nan zance ya rabu: wani ya ce likitocin ne ba su iya ba, wani ya ce da ma ƙodar ba ta da kyau, wani ya ce hannu aka sa masa. Tambayar da ta fi yawa a bakin mutane kuwa ita ce: ƙaninsa ne fa uwa ɗaya uba ɗaya ya ba shi, jininsu ɗaya, to ta yaya jiki zai ƙi ta? Kuma in har aiki ya yi kyau, me ya sa aka ce sai ya sha magani har ƙarshen rayuwarsa?

Amsar tambayoyin biyu guda ce, tana kuma hannun wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T.

## Zanen da ke fuskar kowace ƙwayar halitta

A da, kafin mutum ya buɗe baki, zanen fuskarsa ya riga ya faɗi ko Bakabe ne, ko Bagobiri, ko Ba'are. Ƙwayoyin halittar jikinmu ma suna da irin wannan shaida. Kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da wasu sinadarai a bayanta da likitoci ke kira HLA. Aikinsu na asali shi ne su ɗauko ɗan guntun abin da ke cikin ƙwayar su baje shi a waje, kamar mai talla da faranti a ka. Ƙwayoyin T suna yawo cikin jini da kaluluwa suna leƙa farantan nan. In abin da ke kai na gida ne, su wuce. In guntun ƙwayar cuta ne, su tayar da yaƙi.

Tun muna ciki, da kuma lokacin ƙuruciya, ake horar da ƙwayoyin T a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos. Duk wadda ta nuna za ta far wa HLA na mai jikin, a can ake kashe ta. Waɗanda suka fito sun koyi yin shiru ga zanen gidansu kaɗai. Ba wanda ya koya musu yin shiru ga zanen wani.

Nan matsalar dashe take. Ƙodar da aka dasa tana zuwa da zanen mai ita a kan kowace ƙwaya, kuma ba ta canza shi ko bayan shekara ashirin, domin daga ƙwayoyin gadon mai bayarwa take ƙera shi. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yawan masu gane baƙon. Idan sabuwar ƙwayar cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin T da za su iya gane ta ba su wuce ɗaya cikin dubu ɗari ba, ko ma ƙasa da haka. Amma baƙon HLA, tsakanin ɗaya zuwa goma cikin ɗari na ƙwayoyin T suna iya gane shi. Wato rundunar da ke jiran ƙodar ta ninka wadda ke jiran cuta sau dubbai. In ba a ba da magani ba, cikin mako ɗaya zuwa biyu za su cika ƙodar su lalata ta.

An gano wannan tun kafin a iya dashen ƙoda. Lokacin yaƙin duniya na biyu, Peter Medawar da wani likitan tiyata, Thomas Gibson, sun lura da wata mata da wuta ta ƙona, aka dasa mata fatar ɗan'uwanta. Fatar farko ta ɗan jima kafin ta mutu. Da aka sake dasa mata wata daga jikin mutumin dai, sai ta mutu da sauri fiye da ta farko. Jiki ya riƙe fuskar baƙon ke nan. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore kuwa, wanda Joseph Murray ya yi a Boston a watan Disamba na 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, Ronald da Richard Herrick. Zanensu ɗaya ne sak, shi ya sa Richard ya rayu shekara takwas da ƙodar a zamanin da babu magungunan yau.

## Shaƙiƙi, ɗan uba, da miji

"Jininmu ɗaya" magana ce ta zumunci, amma a ɗakin gwaji sai an rarrabe. Rukunin jini, wato A da B da AB da O, shi ne matakin farko kawai. Mai O yana iya bai wa kowa, mai AB yana iya karɓa daga kowa. Bayan nan sai a zo kan HLA, inda aka fi duba iri uku, HLA-A da HLA-B da HLA-DR, kowanne biyu-biyu, shida ke nan.

Ana gadon su ne a dunƙule: ɗauri ɗaya daga uba, ɗauri ɗaya daga uwa. Uba na da ɗauri biyu, uwa na da biyu, kowane ɗa yana samun ɗaya daga kowane ɓangare. Saboda haka tsakanin shaƙiƙai, damar su dace gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. Damar su dace rabi biyu ce cikin huɗu. Akwai kuma ɗaya cikin huɗu da za a tarar ba su haɗa ɗauri ko ɗaya ba, alhali nono ɗaya suka sha. Uba da ɗansa, ko uwa da 'yarta, kullum sun haɗa aƙalla rabi. 'Yan uba, waɗanda muke da su da yawa a gidajenmu, ba za su wuce rabi ba in iyayensu mata ba dangin juna ba ne, kuma rabin lokaci ba su haɗa komai ba.

Ko shaƙiƙan da suka dace shida cikin shida suna da wasu ƙananan bambance-bambance da ƙwayoyin T ke iya gani, don haka su ma suna shan magani, sai dai yawanci ƙodarsu ta fi daɗewa.

Akwai wani abu da ya shafi mata musamman, kuma ina ganin ya kamata kowane gida ya san shi kafin a zauna zaɓen wanda zai ba da ƙoda. Jariri a ciki yana ɗauke da ɗaurin HLA na mahaifinsa. Macen da ta haihu sau shida ko takwas, jikinta ya sha haɗuwa da zanen mijinta, kuma yana iya ƙera makamai a kansa, waɗanda ake kira antibodi. Ba sa cutar da ita, ba ta ma san suna nan ba. Amma ranar da mijin ko ɗanta ya ce zai ba ta ƙoda, makaman na jira. Ƙarin jini ma yana haifar da haka, ga shi kuwa masu ciwon ƙoda suna yawan fama da ƙarancin jini. Shi ya sa likitocin ƙoda ke ƙoƙarin kauce wa ƙarin jini ga wanda ake shirin yi wa dashe, in ba dole ba, su ba shi allurar haɓaka jini da sinadarin ƙarfe a madadinsa.

Idan aka dasa ƙoda a jikin da ke da waɗannan makamai da yawa, tun a kan gadon tiyata, cikin mintuna ko sa'o'i, jini ke daskarewa a jijiyoyinta, ta yi baƙi, dole a cire. Wannan shi ne ƙin dashe mafi sauri, kuma yanzu da wuya a gan shi, saboda tun wajen 1969 aka tabbatar da gwajin da ke hana shi: a haɗa ruwan jinin mai karɓa da fararen ƙwayoyin mai bayarwa a ɗakin gwaji. In ƙwayoyin suka mutu, ba a yin aikin. Don haka in likita ya ce wa magidanci, "Alhaji, ƙodarka ba za ta yi wa Hajiya ba," ba lafiyarsa ake zargi ba.

## Matakai uku kafin ƙwayar T ta tashi

Allah ya yi wa garkuwar jiki birki. Ƙwayar T ba ta kai hari don kawai ta ga abin da ba ta sani ba, sai abubuwa uku sun cika bi da bi. Duk maganin dashe a kan waɗannan matakai aka gina shi.

Mataki na farko shi ne gani. Ƙodar da aka dasa tana zuwa da wasu ƙwayoyin garkuwa na mai bayarwa a cikinta. Waɗannan suna fita su bi hanya zuwa kaluluwa da saifar mai karɓa, ɗauke da baƙon zane a fili. Can ƙwayar T ke cin karo da su ta kama. Daga baya, bayan waɗannan baƙin sun mutu, ƙwayoyin mai jikin da kansu ke tsinto guntayen da ƙodar ke zubarwa su kai wa ƙwayoyin T. Wannan hanya ta biyu ba ta ƙarewa muddin ƙodar na jiki, kuma ita ce babban dalilin da haɗarin ba ya gushewa.

Mataki na biyu shi ne shaida. A daidai lokacin da ta kama zanen, dole wani maɓalli a jikinta mai suna CD28 ya haɗu da abokinsa a jikin ƙwayar da ta kawo labarin. Wannan ne ke tabbatar mata cewa da gaske akwai haɗari. In ta gani ba tare da wannan shaida ba, sai ta yi sanyi ta kwanta. Sai dai yanka, da ɗauke ƙoda daga jini na ɗan lokaci, da mayar mata da jinin, duk rauni ne, rauni kuwa yana sa masu kawo labari su fito da shaidarsu da ƙarfi. Shi ya sa makonnin farko suka fi kowane lokaci haɗari.

Da gani da shaida sun haɗu, sai sinadarin kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar T. Kalsiyam ya tayar da wani ma'aikaci mai suna kalsinurin. Shi kuma ya kwance wa wani manzo mai suna NFAT mari, manzon ya shige cibiyar ƙwayar ya ba da umarnin a ƙera IL-2. Wannan IL-2 shi ne gangar yaƙi.

Mataki na uku shi ne amsa gangar. IL-2 na fita ya manne a jikin ƙwayar da ta ƙera shi da maƙwabtanta, ya ce musu su hayayyafa. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, cikin kwanaki kaɗan sun zama dubbai masu fuska ɗaya da manufa ɗaya. Wasu su tafi ƙodar su riƙa huda ƙwayoyinta. Wasu su tsaya su taimaka wa wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B su ƙera sabbin antibodi, waɗanda ke bin jijiyoyin jinin ƙodar suna ci a hankali.

## Inda kowane magani ke datse hanya

Jigon magungunan yau shi ne takrolimus. An samo shi a 1984 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasa a Japan. Yana shiga cikin ƙwayar T ya riƙe kalsinurin, sai manzo ya kasa shiga cibiya, ganga ta ƙi kaɗuwa. Ƙwayar ta ga baƙon, ta samu shaida, amma bakinta a rufe. Yayansa a wannan aiki, saikulosiforin, wanda aka fara amfani da shi sosai daga 1983, shi ma kalsinurin yake riƙewa, kuma shi ne ya mayar da dashe daga gwaji zuwa aikin yau da kullum.

Na biyu shi ne maikofenolet. Kafin ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafi littafin gadonta, kwafin kuma na buƙatar tubali. Yawancin ƙwayoyin jiki suna da hanya biyu ta samun wannan tubali: su ƙera sabo ko su sake amfani da tsoho. Ƙwayoyin T da B sun dogara ne kusan kacokan kan ƙera sabo. Maikofenolet na rufe wannan masana'anta, sai 'yan ƙwayoyin da suka kuɓuce wa takrolimus su kasa yawaita. Na uku shi ne firedinisolon, wanda ke rage kumburi da kiraye-kirayen da ƙwayoyin garkuwa ke yi wa juna. Ana farawa da yawa, a riƙa ragewa har a kai wajen miligiram 5 a rana.

A ranar aikin kuma akan ƙara wani ta jijiya. Ko dai basiliksimab, miligiram 20 a ranar dashe da wani 20 a rana ta huɗu, wanda ke toshe kunnen da ke jin IL-2, ko kuma, ga wanda haɗarinsa ya fi yawa, wani mai ƙarfi da ake samu daga jinin zomo, wanda ke kashe ƙwayoyin T ɗin na wani lokaci. Akwai kuma belatasef, da ke hana shaidar mataki na biyu, da sirolimus, da ke tare saƙon bayan an ji ganga, amma ba su ne aka fi bai wa majinyatanmu ba.

Me ya sa uku, ba ɗaya mai ƙarfi ba? Domin kowanne yana da dafinsa. Takrolimus in ya yi yawa yana sa rawar hannu, yana iya jawo ciwon suga, kuma, abin takaici, yana matse jijiyoyin ƙodar da aka sa shi ya kare. Maikofenolet na sa gudawa da raguwar fararen ƙwayoyin jini, yana kuma lahanta ɗan tayi, don haka macen da ke son ɗaukar ciki dole ta faɗa wa likita tun da wuri a canza mata zuwa azatayofirin. Haɗa su yana ba da damar a ba da kaɗan-kaɗan daga kowanne.

Abin lura a nan: cikin ukun da ake sha kullum, babu wanda ke koya wa ƙwayar T cewa ƙodar ta gida ce. Riƙe ta kawai suke yi. Hanta na aikin narkar da takrolimus ba dare ba rana, shi ya sa irin da aka fi sha ake shan sa duk bayan sa'a 12. In aka daina, cikin 'yan kwanaki ya fice daga jini, ƙwayoyin T kuma suna nan da ganinsu da shaidarsu.

## Misali: ɗan kasuwa daga Jega

Bari mu ƙaddara wani mutum mai shekara 42, mai sayar da hatsi a Jega, wanda hawan jini ya kashe wa ƙoda. Ƙaninsa shaƙiƙi ya ba shi, sun dace uku cikin shida. Lambobin da zan kawo na misali ne, amma irin waɗanda ake gani ne a takardun gwaji.

Gwaji biyu ne rayuwarsa ta rataya a kai. Na farko kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini. In ƙoda ta yi rauni sai ya taru. Nasa ya zauna a 115. Na biyu shi ne yawan takrolimus a jini, wanda ake ɗiba da safe, sa'a 12 bayan na dare, kafin a sha na safe. Wanda ya sha magani sannan ya je a ɗebi jini ya ɓata gwajin: lambar za ta fito sama, likita ya rage magani bisa kuskure. Yana shan miligiram 5 safe da dare, lambarsa tana kan 8, daidai inda likitansa ke so. Wani zai ce ai maƙwabcinsa da aka yi wa dashe miligiram 2 yake sha. Ba a kwatanta wannan. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da wani sinadari a hanta da hanji mai suna CYP3A5 da ke narkar da takrolimus da sauri, don haka sau da yawa suna buƙatar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da Bature ke sha kafin su kai lamba ɗaya.

A wata na tara sai tari ya kama shi, da zufar dare da rama. Aka gwada majina a wani asibiti kusa da gida, aka ga tarin fuka. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙwayoyin T ɗin da aka riƙe su ne da ma ke tsare wannan cuta. Aka ɗora shi kan magungunan da ake bai wa kowa, cikinsu har da rifamfisin, mai sa fitsari ya yi ja. Bai kira likitan dashensa ba, don a ganinsa huhu daban, ƙoda daban.

Rifamfisin na zaburar da hanta ta ƙera masu narkar da magani ninki-ninki. Mutumin bai tsallake ko ƙwaya ɗaya ba, amma bayan mako uku takrolimus ɗinsa ya faɗo zuwa 2.5, kiriyatinin ya hau 190. Ƙarin kashi 65 cikin ɗari ke nan, alhali ƙarin kashi 20 zuwa 25 ma ya isa a tashi tsaye.

Me ya ji a jikinsa? Kusan babu komai. Tarin ma ya yi sauƙi, yana cewa ya samu lafiya. Zazzaɓi, da ciwo a ƙasan ciki inda aka dasa ƙodar, da raguwar fitsari, da kumburi, da hawan jini alamu ne na gaske, amma da magungunan yau sau da yawa ba sa bayyana sai abu ya yi nisa. Gwajin wata-wata ne ya kama shi.

Hauhawar kiriyatinin kaɗai ba ta tabbatar da ƙin dashe. Likita zai tambaya ko ya yi gudawa ko amai, ko ya sha zafin Afrilu ba isasshen ruwa. Zai duba ko takrolimus ne ya yi yawa, don shi ma yana ɗaga kiriyatinin, maganinsa kuma kishiyar na ƙin dashe ne. Zai gwada fitsari don neman ƙwayar cuta, ya yi hoton ƙodar ko mafitsara ta toshe, ya nemi wata ƙwayar cuta mai suna BK da ke farkawa in garkuwa ta yi ƙasa da yawa. In duk ba su ba ne, sai a sa allura a ciro ɗan tsinken naman ƙodar a duba a madubin likita. A nasa an ga ƙwayoyin T sun kutsa cikin bututun da ke tace fitsari. Gwajin jini bai nuna sabbin antibodi a kan zanen ƙaninsa ba, wannan kuwa sa'a ce, don irin na antibodi ya fi wuyar magani.

Aka ba shi metilfiredinisolon miligiram 500 ta jijiya, kwana uku a jere. Ba a dakatar da maganin tarin fuka ba, don shi ma kisa yake. Zaɓi biyu ne: a musanya rifamfisin da rifabutin, wanda bai cika zaburar da hanta ba, in ana samunsa, ko a ninka takrolimus sau uku ko fiye ana auna jini a kai a kai. Aka bi ta biyu. Kiriyatinin ya sauko ya tsaya a 135. Bai koma 115 ba, domin ƙoda na da matatai wajen miliyan ɗaya, kuma waɗanda suka zama tabo ba sa dawowa.

Saura tarko ɗaya. Ranar da ya gama maganin tarin fuka, hanta za ta koma yadda take cikin kamar mako biyu. In ya ci gaba da shan ninki uku, takrolimus zai taru ya zama guba. Dole a riƙa saukar da shi ana aunawa.

Akwai masu yin akasin rifamfisin, su hana hanta narkar da takrolimus har ya yi yawa: kilaritiromaisin, eritiromaisin, fulukonazol da ketokonazol, duk ana samunsu a kemis. Gudawa mai tsanani ma tana ɗaga lambar. Maganin ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen suna cutar da ƙodar kai tsaye. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa ba a auna yadda suke yi da hanta ba, wanda ke ɗauke da ƙoda ɗaya ta aro bai kamata ya gwada a kansa ba.

## Masu cewa a rage, da masu cewa a riƙe

Masu ƙorafin cewa maganin ya yi yawa suna da hujja. Garkuwar da aka danne tana buɗe ƙofa ga tarin fuka, da ciwon huhu, da wasu nau'o'in daji. Saboda haka ne ake ba da saftirin na watanni bayan dashe, ake kuma hana alluran rigakafi masu ƙwayar cuta mai rai, irin ta shawara. Likitoci da kansu suna rage magani bayan watannin farko, wasu cibiyoyin ma suna cire firedinisolon ga wanda haɗarinsa kaɗan ne. Gaskiya ne kuma an samu 'yan tsirarun mutane a duniya da suka daina magani ƙodarsu ta ci gaba da aiki. Amma sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma babu gwajin asibiti da zai nuna wa mutum tun da wuri cewa yana cikinsu.

A ganina, abin da ya fi cin ƙodar mutanenmu ragewar da ba likita ya yi ba ce. Kuɗi ya yi ƙasa, sai a mayar da sau biyu sau ɗaya don kwalin ya kai ƙarshen wata. Hanyar Kano ta yi nisa, sai a tsallake gwaji. Azumi ya zo, sai a matse na safe da na dare tsakanin buɗa-baki da sahur ba tare da shawara ba, alhali likitoci kan hana azumi a shekarar farko, bayanta kuma sai an tsara lokutan tare da su. Irin wannan ba ya kawo faɗuwa rana ɗaya. Ƙwayoyin T na samun 'yan sa'o'i kullum, su taimaka a ƙera antibodi, jijiyoyin ƙodar su riƙa ƙuntata, furotin ya fara fita a fitsari, kiriyatinin ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Wannan ƙin dashe na sannu a hankali ba shi da magani mai mayar da abin da ya lalace. Kuma wanda ya rasa ƙoda ta haka yakan fito da antibodi masu yawa, samun ta biyu da za ta dace ya ƙara wuya.

An fara dashen ƙoda a Najeriya a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi a 2002, don haka aikin tiyatar ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da nake roƙon dangi shi ne, ranar da ake lissafin gudummawa, a sa kuɗin magani da gwaji da mota na shekarun da ke gaba a cikin lissafin, a kuma san wanda zai ɗauki nauyin kowanne.

## Idan dashen ne ya juya wa mai jiki

Duk abin da ya gabata jiki ne ke yaƙar dashe. Akwai akasinsa, kuma ya shafi iyayen masu sikila da ke jin labarin dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Ɓargo shi ne masana'antar jini da garkuwa. A wannan dashe ana fara murƙushe ɓargon majinyaci da magani, sannan a zuba masa na mai bayarwa ta jijiya, tare da ƙwayoyin T na mai bayarwar. Yanzu masu tsaron ne baƙi, jikin yaron gaba ɗaya kuma shi ne mai zanen da ba su sani ba. Sun fi kai hari wuri uku: fata ta yi ƙuraje ja, sau da yawa daga tafin hannu da tafin ƙafa, hanji ya kama gudawa mai yawa, hanta ta sa ido ya yi rawaya. Irin mai saurin yakan zo cikin kwana 100 na farko.

Matakan tashin ƙwayar T ɗin dai su ne, don haka takrolimus ko saikulosiforin ne ake bayarwa a nan ma, galibi tare da metotireset. Ga mai dajin jini, ɗan wannan hari yana da amfani, domin baƙin ƙwayoyin suna kashe ragowar dajin. Mai sikila ba shi da dajin da za a kashe, cutarwa kawai yake samu, shi ya sa aka fi son shaƙiƙin da ya dace gaba ɗaya, mai AA ko AS.

Bambanci ɗaya mai daɗin ji shi ne, a dashen ɓargo sabbin ƙwayoyin T da za a haifa daga baya suna bi ta taimos ɗin yaron, su koyi zanensa a matsayin na gida. Saboda haka in komai ya tafi daidai, ana iya janye maganin a hankali cikin watanni shida zuwa shekara ɗaya ko ɗan fiye. Mai dashen ƙoda garkuwarsa tasa ce ta asali, wadda ta gama karatunta tun kafin ƙodar ta zo, don haka shi nasa maganin yana nan safe da dare muddin ƙodar na aiki.